Kundin malamin dagaci: yadda aka raba zane da rubutu

Kundin da abin da ake nema

A wani ƙauye na ƙasar Kano akwai gidan da ya gaji kundi daga kakansu. Marigayin malami ne, kuma shi yake yi wa dagacin garin rubutu tun wajen shekarar 1375 ta Hijira, wato 1955, har ƙarfinsa ya ƙare. Duk gonar da aka sayar, ko aka jinginar, ko aka raba wa magada, shi ake kira ya rubuta. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, suna cikin tadarishi ɗaya an ɗaure da tsirkiyar fata. Da aka ƙirga an sami shafi 180. Mafi yawa ajami ne, sai buɗewa da rufewa da kwanan wata da Larabci. Tawada baƙa ce, akwai ja a wasu wurare, shafukan ƙarshe kuma da biro aka yi su.

Jikansa, wanda malamin sakandare ne, shi ya ɗauki nauyin mai da kundin cikin kwamfuta. Dalilinsa a fili yake. Mutane suna yawan sallama a gidan a duba musu abin da aka rubuta a kan gonar mahaifinsu, kuma duk dubawa sai an juya warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, gefensu har ya fara marmashewa. Yana son ya rubuta sunan unguwa ko kalma kamar "burtali" ya ga duk shafin da ta fito, ba tare da an kwance tadarishin ba.

A cikin shafukan akwai 27 da ke ɗauke da zane, jimillar zane 31. Goma sha huɗu taswirar gona ce, tara hatimi ne, biyar jadawalin rabon gado, sauran ukun kuma da'ira ce mai rabe-rabe da fasalin wani gida da wani abu da ba a gane ba. Babu ɗaya da ya cika shafi shi kaɗai. Malam yakan soma jimla, ya dakata ya yi zane, sannan ya ci gaba da jimlar a ƙarƙashinsa.

Kaka: ɗaukar hoto da koyar da manhaja

An ɗauki hoton shafukan da waya da aka kafa a kan sanda, baƙin ƙyalle a ƙasa, ruler a gefe don a san girman takardar, da hasken rana na inuwar zaure. Kowane fayil an ba shi lambar shafinsa.

Don karatun an yi amfani da eScriptorium, manhajar da aka gina a Paris, wadda injinta shi ne Kraken. Aikinta mataki biyu ne, kuma fahimtar su biyun ita ce fahimtar duk abin da ya biyo baya. A mataki na farko tana duba shafi ta ja layi a ƙarƙashin duk abin da ta ɗauka sahun rubutu ne. A na biyu tana yanko kowane sahu kamar siririn tsiri, ta miƙar da shi, ta bi shi daga dama zuwa hagu tana fitar da baƙaƙe.

Jikan ya zaɓi shafuka 40 waɗanda rubutu ne zalla, ya kwafe su da hannunsa sahu-sahu, aka koyar da injin da su a kan wani da aka riga aka koyar da rubutun Larabci. Akwai abubuwan da sai da aka tsayar tun farko, misali fa mai ɗigo ɗaya a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda ake rubuta su a allo, a bar su yadda suke kada a mai da su irin na bugun gabas. Da aka gwada injin a kan shafukan da bai taɓa gani ba, kuskurensa ya tsaya wajen baƙi ɗaya cikin goma. Ga rubutun mutum ɗaya da shafuka 40 kacal, wannan ya isa a yi bincike da shi, gyara kuma ya fi kwafa daga farko sauƙi. Sai aka sake shi a kan kundin gaba ɗaya.

Farkon hunturu: inda karatun ya lalace

Shafukan rubutu zalla sun fito yadda aka zata. Shafuka 27 ɗin nan kuwa sun fito da ɓarna iri biyu, ɗaya ana ganinta daga nesa, ɗaya sai an ƙura ido.

Shafi na 64 ya nuna su duka. A tsakiyarsa akwai taswirar gona mai kusurwa huɗu marasa daidaito. A gefe ɗaya layi biyu ne masu lanƙwasa, a wani gefen gajerun ɗigo-ɗigo a jere, a ciki ƙaramar da'ira da siffar itace. Kalmomi shida ne a jikin zanen, kuma mafi yawansu malam ya rubuta su ne yana juya takardar, don haka wata a tsaye take, wata a kife.

Ɓarna ta farko: injin ya ja layi a ƙarƙashin layukan nan masu lanƙwasa, ya karanta su sin, sin, sin, har tsawon sahu, saboda tudu da kwarinsu sun yi kama da haƙoran sin. Jerin ɗigon ya koma alif da lam a cakuɗe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Injin karanta sahu an koyar da shi ne da tsiri mai rubutu, ba a taɓa nuna masa tsirin da amsarsa ita ce "wannan ba rubutu ba ne" ba. Kamar ɗan babbaƙu yake, wanda duk abin da aka nuna masa a allo zai kira shi da sunan baƙin da ya fi kama da shi. Irin wannan ɓarna tana da alamomi: baƙi ɗaya yana ta maimaituwa, babu kalmar da ta tashi, kuma makin tabbacin da injin ke ba kowane baƙi yana faɗuwa ƙasa sosai a wannan sahun.

Ɓarna ta biyu ita ce ta tayar wa jikan hankali. Sahun ƙarshe kafin zanen ya tsaya a kan "an sayar wa Liman". Sahun farko bayan zanen ya ɗora da "ɓangaren yamma". A cikin zanen, kusa da ƙaramar da'irar, malam ya rubuta "rijiya", kuma wannan kalmar a miƙe take daidai da sauran rubutun shafin. Injin ya karanta ta daidai, da babban maki, ya jera ta a tsakanin sahun biyu tun da daga sama zuwa ƙasa yake bi. Abin da ya fito shi ne "an sayar wa Liman rijiya ɓangaren yamma". Hausa ce mai kyau, babu baƙin da ya kuskure, babu makin da ya faɗi. Amma kundin bai ce an sayar da rijiya ba. Ya ce an sayar da ɓangaren yamma na gonar, rijiyar kuwa alama ce a taswira, kuma tana can gefen gabas wanda ba a sayar ba. A gari irin wannan, inda jikokin mai saye da na mai sayarwa suke maƙwabtaka har gobe, wannan jimla ɗaya ta isa ta kai mutane gaban alƙali.

Da aka bi sauran taswirorin an sami irin wannan kutse a wurare da dama, sunan maƙwabcin gona ya faɗo tsakiyar jimlar ciniki, ko adadin taki ya manne da kuɗin da aka biya.

Tsakiyar hunturu: an gwada cire zanen

Dabara ta farko ita ce mafi sauƙi. Jikan ya shiga kowane shafi ya goge duk layin da injin ya ja a cikin zane, ya bar na rubutu kaɗai. Aikin yini biyu ne. Jimlolin suka koma daidai, "an sayar wa Liman ɓangaren yamma" ta haɗu.

Ba a yi mako ba aka ga abin da aka rasa. Wani dattijo ya zo neman gonar da ke bakin burtali, aka rubuta "burtali" aka sami shafi uku, alhali jikan ya san ya ga kalmar a wurare fiye da haka. Sauran duk a jikin taswira suke, an goge su. Malam ba ya maimaita a jimla abin da ya riga ya nuna a zane, saboda haka sunayen maƙwabta da alamun iyaka, waɗanda su aka fi nema, mafi yawansu sun fita daga bincike. Ban da haka, rubutun yana cike da "kamar yadda yake a nan" da "ga siffarta", kuma mai karanta kwafin kwamfuta ba zai ma san akwai wani abu a wurin ba.

Ƙarshen hunturu: an gwada bayanin da manhaja ke samarwa

Daga nan aka yanko zane 31 ɗin, kowanne a fayil ɗinsa, aka saka su cikin wata manhaja mai samar da bayanin hoto da kanta. Fatan shi ne a sami jimla biyu ko uku a kan kowane zane, a liƙa su a gurbinsa.

A babban rabo ta yi ƙoƙari. Ta bambanta taswira da jadawali kusan kowane lokaci, ta gane itace, ta gane da'ira. Inda ta gaza wuri uku ne, kuma ukun suna da tushe ɗaya, wato cike gurbi da abin da aka saba gani a wasu hotuna.

Na farko fuska. A shafi na 64 bayanin ya sa rafin, wato layi biyun nan masu lanƙwasa, a yammacin gonar, saboda yana hagun shafi, kuma taswirorin zamani arewa suke sawa a sama. Amma malam ya rubuta "gabas" a saman zanen. In gabas tana sama, hagu arewa ce, dama kudu, ƙasa yamma, kamar yadda mutum yake in ya fuskanci gabas zai yi salla. Rafin yana arewa ke nan. Sa arewa a sama al'ada ce kawai, ba doka ba. Al-Idrisi, a taswirar da ya kammala a Sisili a 1154, kudu ya sa a sama. Mutumin da ya tashi yana auna komai da alƙibla kuwa ba abin mamaki ba ne ya sa gabas.

Na biyu suna. Jerin ɗigon nan an kira shi hanya a wani zane, shinge a wani, alhali alama ɗaya ce. Hatimi ya zama kalanda, ko jadawalin lissafin kuɗi. Na uku kuma ƙirga da karatu: hatimi mai gida huɗu-huɗu an ce biyar-biyar ne, kuma a taswira biyu bayanin ya kawo sunayen da ba su cikin zanen sam, sunaye ne na Larabci da suka yi kama da siffar ajamin da ke kife.

Abin da ya sa aka ajiye wannan hanya shi ne ba a iya gane kuskuren daga bayanin kansa. Wanda yake daidai da wanda ya kauce murya ɗaya gare su, sumul. Sai an ɗora kowanne a kan hoton an bi shi kalma-kalma, kuma wannan bin ya fi rubuta bayanin da hannu cin lokaci.

Bazara: tsarin da ya zauna

An koma farkon aikin, aka sa raba shafi a gaban karatu. A kowane ɗaya daga cikin shafuka 27 jikan ya kewaye zanen da hannu ya ba shi suna, yana bin tsarin SegmOnto da masu aikin tsofaffin rubuce-rubuce ke amfani da shi: `MainZone` ga jikin rubutu, `GraphicZone` ga zane, `TableZone` ga jadawali. Tsarin ya yarda a ƙara ƙaramin suna bayan ɗigo biyu, sai ya yi `GraphicZone:taswira`. Ba a yi yunƙurin koya wa injin gano zanen da kansa ba, domin misali 31 masu siffa daban-daban sun yi kaɗan, kuma kewayewa da hannu minti biyu ne ko uku a shafi. Daga nan layukan da ke cikin `MainZone` kaɗai ake haɗawa su zama jikin rubutu. A gurbin zanen ana barin alama mai lamba, irin 64a, don mai karatu ya san inda jimla ta katse.

Sai bayanin zanen. An raba shi hawa uku, kuma ba a yarda su cakuɗu ba.

Hawa na farko abin da ido yake gani, ba tare da fassara ba. Nan ba a cewa rafi, sai dai layi biyu masu lanƙwasa. Ba a cewa arewa ko yamma, sai sama, ƙasa, hagun shafi, daman shafi. Ana faɗin launin tawada da girman zanen da santimita, da inda gara ta ci ko ruwa ya taɓa.

Hawa na biyu rubutun da ke jikin zanen, an kwafe shi da hannu baƙi-baƙi, kowace kalma da wurinta. Ƙa'idar ita ce a fara daga saman shafi a zaga ta dama, sannan a shiga ciki. Wannan hawan shi ya dawo da "burtali" da sunayen maƙwabta cikin bincike, ba tare da sun sake kutsawa cikin jimlar ciniki ba.

Hawa na uku fassara, tare da faɗin daga bakin wa ta fito. A nan jikan ya nemi wani tsohon almajirin marigayin, mai shekaru sama da saba'in, wanda yana yaro yake riƙe wa malam kurtun tawada in an fita auna gona. Shi ya warware jerin ɗigon. Jikan ya nuna masa ya ce, "Baba, wannan hanya ce ko shinge?" Ya duba ya ce, "A'a, gamba ce. In Malam ya yi ɗigo a jere, gamba aka shuka a iyaka. In ya yi su da ɗan kai a sama, aguwa ce." Da aka koma taswirorin goma sha huɗu, bambancin yana nan kamar yadda ya faɗa. Shi ne kuma ya bayyana cewa lambobin gefe taki ne na ƙafar malam, ba kamu ba, ba yadi ba.

An adana komai da TEI, tsarin adana rubuce-rubuce a kwamfuta, wanda yake da gurbi na musamman don zane da bayaninsa. Ga shafi na 64 a taƙaice, an mai da ajamin boko don sauƙin karatu a nan:

```xml
<figure n="64a" type="taswira">
  <graphic url="shafi064_a.jpg"/>
  <figDesc>Siffa mai kusurwa huɗu, baƙar tawada, 9x7 cm.
  Hagun shafi: layi biyu masu lanƙwasa. Ƙasa: jerin ɗigo.
  Ciki, ta sama: ƙaramar da'ira da siffar itace.</figDesc>
  <ab type="sama">gabas</ab>
  <ab type="ciki">rijiya</ab>
  <note resp="#almajiri">Jerin ɗigo: iyakar gamba.</note>
</figure>
```

Kafin a amince da tsarin an yi masa gwaji mai sauƙi. An ba wani ɗalibi bayanin zane biyar ba tare da hoton ba, aka ce ya zana abin da ya karanta. A uku zanensa ya yi daidai da na kundin. A biyu ya juya hagu da dama, kuma da aka bincika, a waɗannan biyun an rubuta "hagu" kawai, shi kuwa ya ɗauka hagun mai tsaye a cikin gonar ake nufi. Tun daga nan aka wajabta rubuta "hagun shafi" cikakke. Wannan gwajin zanawa daga bayani ya fi sake karanta bayanin amfani nesa ba kusa ba, domin wanda ya rubuta yana ganin hoton a ransa ko da kalmominsa ba su ɗauke da shi ba.

Hatimi ya nemi hanyarsa daban

Da aka zo kan hatimi sai aka ga bayani kaɗai bai wadatar ba. Taswira siffa ce da 'yan kalmomi a jiki. Hatimi kuwa duk cikinsa rubutu ne, amma ma'anar kowane baƙi tana ga gidan da yake. Don haka aka sa shi a `TableZone`, aka kwafe shi gida-gida, bayanin ya tsaya ga faɗin yawan gidaje da abin da ke kewaye.

Ɗaya daga ciki shi ne mai gida uku-uku da kowane malamin zaure ya sani. Daga dama, sahun farko ba, ɗa mai hannu, dal. Na biyu zaira, ha kuri, jim. Na uku wau, alif, ha ƙarami. A hisabi, an jera su nan daga hagu:

```
2 9 4
7 5 3
6 1 8
```

Kowane sahu, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 yake bayarwa. Wannan ya zama ma'auni. A kwafin farko an rubuta ra a farkon sahu na biyu, saboda ɗigon zaira ya koɗe. Ra 200 ce, sahun ya tashi 208. Da aka faɗaɗa hoton sai ga inuwar ɗigon. Duk hatimin da lissafinsa ya ƙi tashi an sake duba shi ta wannan hanya. A manyan hatimai kuma sai da aka kiyaye wane hisabi ake bi, domin na Magariba da malaman ƙasar nan suka gada ya bamban da na gabas a wasu baƙaƙe: sin 300 ce a na Magariba, 60 a na gabas, sadi 60 ce a na Magariba, 90 a na gabas. Wanda ya auna da na gabas zai zaci malam ne ya yi kuskure. Ilimin nan tsoho ne a ƙasar Hausa. Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake gina irin waɗannan jadawalai tun 1732.

A hawa na uku ba a rubuta amfanin kowane hatimi ba, sai inda malam ya rubuta da kansa a gefe. Kuma dattawan gidan sun yanke cewa kwafin da za a nuna wa baƙi ya tsaya ga bayanin, cikin gidajen ya zauna a kwafin gida. Rabewar da aka yi tun farko ita ta sa wannan ya yiwu cikin sauƙi, tun da kowane hawa a gurbinsa yake. Jadawalin gado biyar ma gida-gida aka kwafe su, aka auna su da cewa kason magada ya haɗu ya ba da asalin da aka raba.

Farkon damina: inda aka tsaya

Bayanin zane 31 ya ci kusan makonni uku na zaman yamma, fiye da rabinsa zama ne da tsohon almajirin. Binciken "burtali" da ya ba da shafi uku yanzu yana ba da goma sha ɗaya. Ba a sake samun kalmar zane a tsakiyar jimla ba. Zane biyu sun tsaya a hawa na farko da na biyu kawai, da'irar nan mai rabe-rabe da ɗayan da ba a gane ba, saboda dattijon ya ce bai taɓa ganin malam yana yin su ba, kuma an bar gurbin fassararsu a buɗe. Kundin kansa ya koma cikin tadarishinsa, ana fito da shi ne kawai in hoto bai gamsar ba.

Hukunci

A ganina kuskuren da ya fi tsada a wannan aiki ba sin, sin, sin ba ne. Shirme a fili kowa yana ganinsa ya share. Mai haɗarin shi ne kalmar da aka karanta daidai aka ajiye inda ba gurbinta ba, da bayanin da ya fito sumul yana ɗauke da fuskar da malam bai nufa ba. Su biyun babu ma'aunin kuskuren baƙaƙe da zai kama su, don haka wanda ya dogara da wannan ma'auni kaɗai zai rufe aiki yana murna da ɓarna a ciki. Abin da ya kawar da su shi ne yanke shawara tun kafin karatu cewa nan rubutu ne, nan zane ne, kuma wannan shawarar a kundi mai wannan girma gara mutum ya yi ta da hannunsa.

Ban ga laifin manhajar bayanin hoto a matsayin mai tankaɗe ba. A tarin da ya kai dubban shafuka, irin na Arewa House a Kaduna ko na cibiyar IRSH a Yamai, babu mai kewaye kowane zane da hannu, kuma manhajar da za ta ce ga taswira a nan, ga jadawali a can, ta rage aiki mai yawa. Amma iyakarta rabo ne. Fuska da suna da ƙirga da karatun kalmomin ciki sai mutum, kuma ya kamata kwafin ya nuna wane bayani ne na manhaja, wane ne na mutum, kamar yadda aka jingina fassarar gamba ga wanda ya faɗe ta.

Rubuce-rubucenmu da haruffan Larabci suna ɗauke da zane fiye da yadda ake zato. Taswirar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton a Sakkwato a 1824, wadda aka buga a Landan a 1826, layuka ne da sunayen garuruwa da koguna a jikinsu, kuma in aka cire ɗaya ɗayan ya rage ma'ana. Haka taswirar gonar ƙauye take, sai dai ita babu wanda ya buga ta, kuma masu sanin alamominta tsofaffi ne. Hawa na farko da na biyu ana iya yin su ko bayan shekara ashirin muddin hoton yana nan. Na uku ba haka yake ba. Da ni ne zan tsara irin wannan aiki a wani gida, zama da dattijo a kan shafukan zane shi zan sa a makon farko, tun kafin a kwafi sahu ɗaya don koyar da injin.